Wata goma sha bakwai muna lissafin da ba namu ba

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata goma sha huɗu ke nan da aurena, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. An ce mini kwanakin da ke bin wankan tsarki su ne na ɗaukar ciki, kuma muna kiyayewa. Ina muke kuskure?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta saƙonki sai da zuciyata ta motsa, domin wannan maganar ce ta cinye mini wata goma sha bakwai. Bari in ba ki labarina yadda ya faru.

A Birnin Kabi muke zaune. Maigidana fataucin albasa yake yi, yana lodi daga Aliero zuwa kudu, in ya tafi sai ya yi mako uku ko huɗu. Saboda an ce mana ciki yana shiga ne da zarar mace ta yi tsarki, sai ya tsara tafiyarsa a kan haka. Ranar da na yi wanka zan kira shi, ya dawo ya yi mako guda a gida, ya sake kama hanya. Al'adata kwana 6 take yi. Ke nan yana gida daga kwana na 7 zuwa na 13, wata bayan wata.

Bayan tafiyarsa da kamar kwana uku ko huɗu sai in fara ganin wani farin ruwa, garau, mai yauƙi kamar ɗanyen ruwan ƙwai. Ni kuwa sai in ce sanyi ne ya taso. Na sha saƙe-saƙi ba adadi, na sayi magani a kemis, na yi zaman ruwan ɗumi. Akwai watan da bai yi tafiya ba, na ƙaurace masa a waɗannan kwanakin don kada in shafa masa ciwo. Har yau in na tuna watan nan sai idona ya cika.

Wata dattijuwar nas ce a unguwarmu ta warware mini. Na je gidanta bayan la'asar neman maganin sanyi, ta ce, "Ɗiyata, yana ƙaiƙayi? Yana wari? Ya sake launi?" Na ce a'a, Anti. Ta ce, "To mi kike ma magani? Wanga ruwa shi kike nema." Ta yi mini bayani cewa idan ƙwan haihuwa ya kusa fita, bakin mahaifa ne ke sakin wannan ruwan don maniyyi ya samu hanya ya kuma daɗe da rai. In kika ɗebo shi tsakanin babban yatsa da manuni za ki ga yana miƙewa bai tsinke da wuri ba. Na ciwo kuwa yakan zo da ƙaiƙayi, ko wari, ko zafin fitsari, ko ya yi guda-guda kamar kindirmo, ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore-kore. Wannan shi ne na zuwa asibiti.

Sai ta sa na sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Ta ce ranar farko da jini ya zuba sosai ita ce kwana na 1, daga nan ake fara ƙirga, ba daga ranar wanka ba. Na rubuta 3 ga Maris. Na gaba ya zo 6 ga Afrilu, kwana 34 ke nan. Sai 9 ga Mayu, kwana 33. Sai 13 ga Yuni, kwana 35. Ni da nake cewa duk wata nake yi kamar kowa, ashe zagayena ya fi na kwana 28 ɗin nan da ake yawan faɗa da kusan mako guda.

A nan ne ta gaya mini abin da ya buɗe mini ido. Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin jinin da ke tafe, wato daga baya ake lissafinsa. Mai kwana 28, nata yakan faɗo wajen kwana na 14. Ni da ke tsakanin 33 da 35, in an cire 14, nawa yana tsakanin kwana na 19 da na 21. Shi ƙwan bai wuce kwana ɗaya da rai bayan ya fita, amma maniyyi yana iya jira a jikin mace har kwana 5. Don haka kwanakin da suka fi amfani su ne biyar ɗin da ke gabanin fitarsa da ranar kanta. Nawa ke nan daga kwana na 14 zuwa na 21. Maigida kuwa kwana na 13 yake ɗaukar jakarsa. Ranar da ƙofa za ta fara buɗewa, shi ya riga ya wuce Yawuri.

Ba ina cewa waɗanda suka ba ki shawarar bayan tsarki ƙarya suka yi ba. Macen da zagayenta gajere ne, kamar kwana 24, ƙwanta na fita wajen kwana na 10, in jininta ya kai mako guda to lallai da ta yi wanka lokacinta ya shigo. Ita ta gwada ta dace, sai ta ba kowa. Laifin kawai a ce ma'auni ɗaya ne ga duk mata.

Nuna wa maigida littafin ya yi mini nauyi ƙwarai. Na ajiye masa kusa da kwanon tuwo na ce, "Malam, don Allah duba wannan in ka gama." Ya daɗe yana bin ranakun da yatsa, sannan ya ce, "Ashe ni ke tafiya lokacin da ya kamata in zauna." Daga nan ya juya tsarinsa: yana tafiya ranar da jini ya zo, ya dawo kafin kwana na 14. Anti ta ce kada mu matsa wa kanmu da rana guda, kusantar juna duk bayan kwana ɗaya ko biyu a cikin wannan makon ya isa. Ta kuma sa na fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya samu.

Watan farko jini ya zo. Na biyu ma ya zo, na yi kuka sosai, na ce wa Anti lissafinta bai yi ba. Ta ce ko ga masu ƙoshin lafiya da suka dace da lokaci, a wata guda kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke samu, in ci gaba. A na uku na ƙirga har kwana na 38 shiru. Na yi gwaji da fitsarin asuba, tsinken ya nuna layi biyu. Na zauna a bakin gado ban iya ko kiran sunansa ba, sai miƙa masa na yi. Alhamdulillahi, yarinyar yanzu tana rarrafe.

Amma ke, 'yar uwa, kin riga kin haura shekara guda, kuma a nan ne likitoci ke cewa a zo a duba. Ga wadda ta kai shekara 35, wata shida ma ya isa. Kada ki ce sai kin gama cika littafi, ki haɗa biyun. Mu ma da mun je tun a wata na goma sha biyu da ya fi mana. In zagayenki bai kai kwana 21 ba, ko yana wuce 35, ko yana tsallake watanni, ko marar tana miki ciwo mai tsanani, lissafin kalanda ba zai wadatar ba. Kuma ku tafi tare da maigidanki a gwada maniyyinsa, gwaji ne mai sauƙi, kuma sau da yawa ana samun matsalar daga ɓangaren namiji ko daga duka biyun. Ki fara rubutu da jinin wannan watan, ki riƙa sa alama a ranakun da kika ga ruwan nan mai yauƙi. Ranar da za ki ga likita ki tafi da littafin, domin tambayar farko da zai yi miki ita ce yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe, kuma kwana nawa take yi kafin ta dawo.