Wace kalma zan rufe wasiƙa da ita a wurin aiki?

Tambaya: "Anti, barka da dare. Ban jima da fara aiki ba, an ce in rubuta wa wani darakta a ma'aikatar ilimi wasiƙar neman aron ɗakin taro. Ban san shi ba. Da me zan rufe? Kuma shi ne dai zan riƙa sa wa ogana da abokan aikina?"

Amsar da aka juyo daga murya:

Salamu alaikum. 'Yata, kin kyauta da kika tambaya kafin ki tura. To, ki fara duba saman wasiƙar, don yadda kika buɗe shi ne zai gaya miki yadda za ki rufe. Tunda da Turanci za ki rubuta, kuma ba ki san mutumin ba, za ki buɗe da Dear Sir. Duk wasiƙar da ta buɗe haka, rufinta Yours faithfully ne. Harafin farko babba, kalma ta biyu ƙaramin harafi, sai waƙafi. Ƙarƙashinsa ki sa hannu, sai cikakken sunanki, sai muƙaminki. In kuma a madadin oganki kika rubuta, ki sa for kafin muƙaminsa, don a san ba da bakinki kike magana ba. Kuma don Allah kada ki sa wannan 'yar alamar ta sama mai kama da waƙafi tsakanin r da s a cikin Yours, yara da yawa suna yi.

To, a ce ya amsa, ya sa sunansa a ƙasa, yanzu za ki sake rubuta masa ki tabbatar da rana. Kin kira sunansa a sama tare da Dakta ko Alhaji, yadda dai shi ya rubuta. Nan sai ki koma Yours sincerely. Na san abin da zai ɗaure miki kai, don a jarrabawar WAEC an koya muku wannan na wasiƙar aboki ne, a sa sunan fari kawai. A ofis ba haka ba ne, girmamawa ce cikakkiya ga wanda aka ambaci sunansa, kuma cikakken suna za ki sa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ba ke za ki fara sassautawa ba. Babba shi ke buɗe ƙofa. In saƙo ya fara kai-da-komo ta imel, kika ga darakta ya rufe da Regards, to kina iya sauka zuwa Kind regards. In shi ya sa harafin sunansa kawai ya tura daga waya, ke kada ki biye masa, ki tsaya mataki ɗaya sama da shi. Alamar kin yi garaje ita ce ki ga ya koma kiranki da cikakken suna bayan ya saba cewa Malama, ko amsa ta fara fitowa ta hannun sakatarensa.

Oganki kuwa da kuke haɗuwa kullum, in kika sa masa Yours faithfully a imel na yau da gobe, sai ya zaci fushi kike ko takardar ajiye aiki ce ke tafe. Kind regards ya wadatar, in roƙo kika yi ki sa Thank you a gabansa. Amma takardar neman hutu ko amsa tuhuma, wadda za ta shiga fayil ɗinki, ki mayar da ita Yours faithfully ko da kun saba, don wasu ne za su karanta ta bayan shekaru. Abokan aiki da kuke tebur ɗaya, Thanks da sunanki na fari, shi ke nan.

Sai in da Hausa kika rubuta, misali ofis ya aike ki ki gayyaci hakimi ko limami. Nan addu'a ce rufi: Allah ya ƙara girma, ko Allah ya ja zamaninka ga basarake, sai wassalam, sai "daga" da sunanki. Ga abokiyar aiki, na gode, a huta lafiya, a gaida gida. Wannan kuma ina faɗa miki a matsayin uwa: "taka har kullum" ba ta zuwa wurin namijin da kike aiki da shi, komai kirkinsa. Saƙon ofis ana tura wa wasu, kuma ba ki san idon da zai faɗa a kai ba.

Ki rubuta ta daraktan a daren nan ki turo mini ta gefe, in duba miki kafin a buga ta a takardar ofis gobe da safe.