Hotunan da za su nuna ko jakar ta asali ce

Tambaya: "Na ga jakar Louis Vuitton ta hannu a kasuwar Wuse. Waɗanne hotuna zan ɗauka a duba mini?"

Amsa: Hajiya, fara da tambarin da aka buga a fatar ciki. Ki ɗauka daf da shi, a hasken rana kusa da taga, ban da filashi, domin ƙyallinsa yana ɓoye zurfin haruffa. A ta asali harafin O zagayayye ne sosai. A jabu yakan fito a matse.

Sai lambar da ke ɓoye cikin aljihu, haruffa 2 da lambobi 4. In babu, kada ki yanke hukunci: tun 2021 kamfanin ya daina buga ta.

Ki ƙara ɗinkin gindin hannu, kan zif gaba da baya, da ƙasan jakar. Ki tura su a matsayin fayil, don WhatsApp yana rage kaifin hoto.