Likita na amsawa: Tsohuwar bakteriya da ke zaune cikin jikinmu

Tambaya: Likita, ina karatun aikin jinya. Malaminmu ya ce mitokondiriya da ke cikin ƙwayoyin halittarmu asalinta bakteriya ce. Hankalina bai kwanta ba. Wa ya gani? Kuma ba cuta ba ce? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, ba cuta ba ce, da ita ma muke rayuwa. Ita ce ke ƙona sukarin da kika ci da iskar da kika shaƙa, ta fitar da ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi. In ta tsaya cak, mutum ba zai kai 'yan mintoci ba.

Babu wanda ya gani da ido, don ana ƙiyasta abin ya faru fiye da shekara biliyan ɗaya da rabi da suka wuce. Bayanin shi ne, wata ƙwayar halitta ta ɗauki wata bakteriya a cikinta, ba ta narkar da ita ba, sai suka zauna tare: mai masauki na ba da abinci da mafaka, baƙuwa na ba da ƙarfi. Sawun giwa ake bi a san ta wuce, kuma sawun nan a fili yake.

Ɗauki DNA tukuna. Ƙwayoyin gadonmu a cibiyar ƙwayar halitta suke, a jere kamar dogayen igiyoyi. Amma mitokondiriya na da nata daban, kuma a zagaye yake kamar zobe, yadda na yawancin bakteriya yake. An karance na ɗan Adam gaba ɗaya a 1981 a Kambirij ta Ingila: haruffa 16,569, masu ɗauke da ƙwayoyin gado 37. Da aka gwada jerin haruffan da na sauran halittu, sai aka ga danginsa na kusa suna cikin bakteriya ne, a gidan da ya haɗa da Riketsiya, mai kawo zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Wannan hujjar ita ce ta fi gamsar da ni, domin kamannin siffa na iya yaudara, amma jerin haruffa dubbai ba sa dacewa haka kawai.

Sannan ki duba yadda take ƙaruwa. Ƙwayar halitta ba ta iya ƙera sabuwar mitokondiriya daga babu. Tsohuwa ce ke matse tsakiyarta ta rabe biyu, irin rabuwar bakteriya. Tantani biyu ne ya lulluɓe ta, kuma na cikin na da wani kitse, kadiyolifin, wanda aka saba gani a tantanin bakteriya. Tana kuma da nata ribosom, wato 'yan injinan da ke harhaɗa furotin, masu ƙira irin ta bakteriya. Riƙe wannan na ƙarshe da kyau, don da shi za ki ci karo a ɗakin marasa lafiya.

Tunanin ya daɗe. Wani Barashe, Konstantin Mereshkowski, ya faɗe shi game da kuloroplas, wato koren da ke cikin ganyen tsirrai, tun 1905. Ivan Wallin na Amurka ya faɗe shi game da mitokondiriya a shekarun 1920, sai dai ya yi iƙirarin ya rene ta a waje da ƙwayar halitta, abin da bai tabbata ba, aka yi watsi da maganarsa. Lynn Margulis ce ta farfaɗo da batun a 1967, bayan mujallu fiye da goma sun ƙi buga takardarta. Ita ma ba a komai ta dace ba: ta ce wutsiyar da wasu ƙwayoyin halitta ke iyo da ita asalinta bakteriya ce, kuma ba a sami hujjar hakan ba. Abin da DNA ya tabbatar aka riƙe, saura aka ajiye.

Har yau ba a iya renon mitokondiriya ita kaɗai. Tana aiki da furotin fiye da dubu, amma 13 kacal take ƙerawa da kanta. Yawancin ƙwayoyin gadonta sun koma cibiya ko sun ɓace tuntuni. Baƙuwar ta zama 'yar gida, ba ta da inda za ta koma.

Tambaya: Ɗana mai shekara uku ya daina ji bayan an yi masa alluran jentamaisin. Ni ma ƙanena da muke uwa ɗaya haka ya kurumce yana yaro bayan allura, haka kuma wata ƙanwar mahaifiyata. A dangin mijina babu. Gado ne ko maganin ne? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri. Mai yiwuwa duka biyun ne suka haɗu, kuma yadda kika jero dangin nan ya sa na tsaya na sake karanta wasiƙarki.

Jentamaisin da 'yan uwansa, irin su sitireftomaisin da amikasin, suna kashe bakteriya ne ta hanyar manne wa ribosom ɗinta, su sa ta riƙa harhaɗa furotin a karkace har ta mutu. Ribosom na mitokondiriyarmu ɗan asalin wancan gidan ne, amma tsawon zamani ya sauya shi, shi ya sa a jikin yawancin mutane maganin ba ya kama shi sosai. Sai dai akwai waɗanda aka haifa da sauyin harafi ɗaya tak a DNA na mitokondiriya, a gurbi na 1555, wanda ake rubutawa m.1555A>G a takardar gwaji. Wannan harafi ɗaya na mayar da wurin ya ƙara kama da na bakteriya. Sai maganin ya manne masa, ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti su rasa ƙarfi su mutu. Ba sa sake tsirowa. A irin waɗannan mutane, ko adadin da ya dace aka ba su, ko allura ɗaya ce, ji na iya tafiya.

Yanzu dubi danginki. Mitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta, don tana cikin ƙwan mace ne, 'yar kaɗan da maniyyi ke shigowa da ita kuma rusa ta ake yi. Kakarki ta wajen uwa ta ba mahaifiyarki da ƙanwarta. Mahaifiyarki ta ba ki, ta ba ƙanenki. Ke kuma kin ba ɗanki. Duk mutum ukun da kika ambata suna kan wannan layi guda. In zaton nan ya tabbata, ke ma kina ɗauke da shi, da duk 'ya'yanki maza da mata, da 'ya'yan 'yan uwanki mata. 'Ya'yan ƙanenki kuwa ba za su gada daga gare shi ba. Kuma kada kowa ya ɗora miki laifi a gidan miji, ba abin da kika aikata ba ne.

Ban ce na tabbatar ba. Jentamaisin na iya taɓa kunnen kowa in an yawaita shi, ko an daɗe ana yi, ko ƙoda ba ta tace shi da kyau. Cutar da aka yi wa allurar dominta, musamman sanƙarau, ita kanta tana kurumtarwa, haka ma ƙyanda. Gwajin jini ko na goge cikin kumatu ne ke raba gardama, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Ki kai shi wajen likitan kunne a auna jinsa cikin gaggawa, don a shekara uku yaro na tsakiyar koyon magana, kuma na'urar ji da aka sa da wuri ta fi amfani. Sannan duk ranar da za a yi wa wani na layin nan allura, a faɗa wa likita labarin tun kafin a zuƙo magani. Sau da yawa akwai madadi. In kuwa rai ne ke kan gaɓa kuma babu wani, likita zai auna ya yi muku bayani.

Tambaya: Wani baƙo Bature da ya zo aiki wajenmu yana shan doksisaikilin kullum, wai rigakafin maleriya. Ba maganin bakteriya ba ne? Zan iya sha in zazzaɓi ya kama ni? (Wani direba daga Kaduna)

Amsa: Malam, baƙonku bai yi kuskure ba, amma kai kada ka sha shi a matsayin maganin zazzaɓi.

Koren da kake gani a ganyen zogale ko na dawa kuloroplas ne, wurin da tsiro ke haɗa abinci da hasken rana. Shi ma asalinsa bakteriya ce, daga masu launin kore da shuɗi da ke rayuwa a ruwa, kuma har yau yana da nasa DNA da nasa ribosom. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma kakanninta sun taɓa haɗiye wani gansakukan ruwa mai ɗauke da kuloroplas. A shekarun 1990 aka gano ragowarsa a cikinta, ana kiransa afikoplas. Ya rasa launinsa, ya daina amfani da rana, amma tantani huɗu ke kewaye da shi, alamar haɗiya a kan haɗiya, kuma yana ƙera wa ƙwayar wani sinadari da ba ta rayuwa sai da shi. Doksisaikilin ribosom na wannan ragowar yake tsayarwa.

Matsalar ita ce jinkiri. Ƙwayar maleriya mai tsanani na ɗaukar kimanin awa 48 tana hayayyafa a cikin jan jini. Wadda maganin ya taras takan gama zagayenta lafiya lau, 'ya'yanta ne ke fitowa da lalataccen afikoplas su mutu a zagaye na biyu. Kusan kwana huɗu ke nan. Ga mai rigakafi wannan ya isa, don maganin na cikin jininsa tun kafin sauro ya cije shi. Ga wanda zazzaɓi ya riga ya kayar, kwana huɗu na iya kai shi ga suma. Ka yi gwaji, in maleriya ce ka sha haɗin atemeta da lumefantirin na kwana uku yadda aka tsara. Kuma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara takwas ba doksisaikilin don rigakafi.

Tambaya: To in haka ne, duk maganin kashe bakteriya na cutar da jikinmu ke nan? An rubuta wa 'yata amoksisilin, ina jin tsoro. (Wani uba daga Gombe)

Amsa: Ka ba ta, Malam, ta shanye yadda aka rubuta. Amoksisilin da dangin fenisilin bangon bakteriya suke rushewa, mitokondiriya kuwa ta yar da wannan bango tun zamanin da. Ba su da abin kamawa a jikin mitokondiriya. Abin lura game da su shi ne borin jini: ƙuraje, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi.

Masu taɓa ribosom ne ke buƙatar ido. Kuloramfenikol na iya rage ƙarfin ɓargo wajen ƙera jini, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana sayen sa a kemis kamar alewa don an ce taifod ce. Linezolid, da ake ba masu tarin fuka mai bijire wa magani na tsawon watanni, kan jawo ƙarancin jini, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, ko dishi-dishin gani. Wanda ke shan sa ya riƙa zuwa awon jini a kan lokaci, in kuma ya ji ɗaya daga cikin alamun nan ya koma asibitin da ke ba shi maganin a ranar, kada ya dakatar da kansa.