Yadda Ake Fitar da Layin da Ya Fi Dacewa da Awo Mai Kuskure

Tambaya: Malam, a ɗakin gwaji na rataya wa sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa, nauyi daga giram 100 zuwa 500, ya miƙe santimita 2.1, 3.9, 6.2, 7.8 da 10.1. Ɗigogin sun ƙi hawa layi ɗaya. Yaya zan samu layin gaskiya ba da ƙiyasin ido ba?

Amsa: Kada hakan ya dame ka, ɗalibi, kowane awo yana zuwa da ɗan kuskurensa. Abin nema shi ne layi `y = a + bx` wanda ya fi kusa da ɗigogin gaba ɗaya, inda `x` yake nauyi, `y` kuma miƙewar sifirin.

Tsakanin kowane ɗigo da layin akwai giɓi, wani sama, wani ƙasa. In ka tara su haka nan, na sama za su cinye na ƙasa, har mummunan layi ya yi kama da mai kyau. Shi ya sa ake ninka kowane giɓi da kansa kafin a tara, sannan a zaɓi `a` da `b` da suka sa jimillar ta fi ƙanƙanta. Legendre, masanin lissafi ɗan Faransa, ya wallafa wannan hanya a 1805. Sharaɗin ƙanƙantar yana haifar da tagwayen lissafi da ake kira nomal ikweshan, inda `n` yake yawan ɗigogi, `Σ` kuma jimilla:

```
n·a + b·Σx = Σy
a·Σx + b·Σx² = Σxy
```

Ɗauki giram 100 a matsayin 1, wato `x` daga 1 zuwa 5. Za ka samu `n = 5`, `Σx = 15`, `Σx² = 55`, `Σy = 30.1`, `Σxy = 110.2`:

```
5a + 15b = 30.1
15a + 55b = 110.2
```

Ninka na farko sau uku ka debe shi daga na biyu, sai `10b = 19.9`. Ke nan `b = 1.99`, kuma in ka mayar da shi cikin na farko, `a = 0.05`. Sifirin ɗinka yana miƙewa kusan santimita 2 a kowane giram 100.

Amma kada ka rufe littafi tukuna, duba giɓin: +0.06, −0.13, +0.18, −0.21, +0.10. Jimillarsu sifili ce, kuma dole ta zama haka. In ba ta zama ba, an yi tuntuɓe a lissafi. Sun kuma warwatsu sama da ƙasa, alama ce mai kyau. Da na tsakiya duk sun taru a gefe guda, na bakin biyu a ɗaya gefen, to alaƙar lanƙwasasshiya ce, miƙaƙƙen layi bai dace da ita ba.

Inda na fi so ka kula shi ne ɗigon da ya bauɗe. Ninkin nan yana ba babban giɓi ƙarfi sosai. A ce ka rubuta 12.1 maimakon 10.1: `b` zai koma 2.39, `a` kuma −0.75, saboda lamba ɗaya tak. Don haka fara zana ɗigoginka a takarda, wanda ya fita daban ka koma ka sake auna shi, kada ka goge shi don kawai bai yi maka daɗi ba.