Gas ɗin firiza ba fetur ba ne da zai ƙare

"Ina sayar da zoɓo da kunun aya. Tun bayan ƙaramar Sallah sau uku ana cika wa firizata gas, ta yi sanyi na ɗan lokaci ta daina. Mai gyara ya ce zafin Katsina ne ke cinye gas ɗin. In sayar da ita in sayi sabuwa?" Maman 'yan biyu, Ƙofar Marusa.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kada ki yi gaggawar sayarwa. Amma mai gyaran nan ki rabu da shi yau. Gas ɗin firiza a rufe yake cikin bututu, zagayawa kawai yake yi, ba a ƙona shi. Firiza mai lafiya tana iya shekara goma ba a ƙara mata ko ɗigo ba. Idan ya ragu, to akwai huda, kuma duk wanda ya cika bai toshe hudar ba kuɗinki ya ci.

Bari in nuna miki zagayen, don gobe kada a sake ruɗa ki. Firiza ba ta ƙera sanyi, zafi take kwashewa daga ciki ta zubar waje. Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa: danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. To a bangon cikin firiza akwai bututun da ake kira ibaporeta, ruwan gas ne ke tafasa a cikinsa. Irin wanda ake rubuta wa R600a yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili idan ba a matse shi ba, R134a kuwa a wajen 26 ƙasa da sifili. Zafin da yake tafasa da shi daga robobin zoɓonki yake zuƙowa. Da ya zama tururi sai kwamfaresa, baƙin tulun nan da ke gurnani a ƙasa, ta ja shi ta matse. Matsin yana sa ya fi iskar ɗakin zafi, sai ya shiga kwandensa, wato ragar ƙarfen da ke bayan firij ko bututun da ke ɓoye a bangon waje na firiza, ya saki zafin ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta mataci, ya kutsa wani dogon bututun jan ƙarfe siriri ƙwarai, kafilari, wanda ke karya matsin. Yana fita daga cikinsa ya sake tafasa a ibaporeta, zagaye ya koma farko.

Ki kunna firizar ta yi awa guda, sannan ki duba da kanki. Idan ƙanƙara ta kama gefe ɗaya kawai, inda bututun ya shigo, sauran bango ba raɓa, kwamfaresa tana ta aiki ba hutu, jikin firizar daga waje kuma ɗumi-ɗumi ne kawai, gas ya yi kaɗan. Ki haska tocila wurin da aka yi waldar bututu kusa da kwamfaresa. Inda kika ga maiƙo ya kama ƙura, nan ake fara zargi, domin man kwamfaresa yana biyo gas ya fita tare da shi. Idan kuwa sanyi yana zuwa, ya ɗauke, kin kashe ta awa biyu kin kunna ya dawo, wannan danshi ne ya shiga yana daskarewa a bakin kafilari, kuma aikin gaggawar masu cikawa ne ke jawo shi.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Yaro ya zo da gwangwani ɗaya a aljihu da tiyo, ya huda, ya fesa, ya taɓa bututu da yatsa ya ce "ta ɗauka", ya karɓi kuɗi. Bai nemi huda da ruwan kumfa ba, bai canza mataci ba, bai zuƙe iska da danshi da famfo ba, bai auna komai ba. Alhali a jikin takardar da ke manne a bayan firizar an rubuta irin gas ɗin da nauyinsa da giram. Na R600a yawanci giram ɗin bai kai 100 ba a firizar gida, don haka ƙarin ɗan kaɗan ma yana ɓata lissafi, har ki ga ƙanƙara ta biyo bututun da ke komawa kwamfaresa. Mafi muni shi ne a zuba R134a a injin R600a saboda shi ne a hannu. Girman kwamfaresar da man da ke cikinta ba ɗaya ba ne, za ta yi ta nishi har ta ƙone. Ga kuma gwangwanayen jabu da rubutun jikinsu daban, abin ciki daban. R600a yana kama wuta, kada ki bari a yi aikin kusa da risho, ko a kunna wutar walda kafin a fitar da gas ɗin gaba ɗaya.

Ki nemi mai gyaran da ke da ma'auni da famfon zuƙe iska, ki ce ya nuna miki hudar da idonki. Idan a waldar waje take, gyara ne mai sauƙi, bai kai abin da kika kashe sau uku ba. Idan ta ɓuya cikin soson bangon firizar, a nan ne zan ce ki fara tara kuɗin sabuwa.

"Na ga firij ɗan Kwatano da araha, mai shago ya ce na Turai ya fi ƙarko. In saya?" Wani malamin makaranta, Daura.

Malam, kafin ciniki juya bayansa ka karanta takardar. Akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure: N har digiri 32, ST har 38, T har 43. Kwandensa ba ta iya zubar da zafi sai ta fi ɗakin zafi, a watan Afrilu kuwa ɗaki mai rufin kwano a Daura yana haura 40. Mai N zai yi ta aiki ba tsayawa, ruwanka ba zai yi ƙanƙara ba. Nemi T. Ka sa a kunna shi a gabanka, ragar baya ta yi zafi daga sama, ta rage zuwa ƙasa. Idan ka ga R12, tsohon gas ne da aka daina ƙerawa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, bar musu kayansu. In an kwantar da shi a A Daidaita Sahu, ya tsaya a miƙe wasu awanni kafin a kunna, man ya koma mazauninsa.

"Gefen sabuwar firizata yana zafi, shi ne na lulluɓe ta da bargo. Ko an cuce ni?" Amarya, Sabuwar Unguwa.

Ba a cuce ki ba, ƙanwata, amma cire bargon nan yanzu. A irin wannan firizar kwandensa a cikin bangon take, zafin da kike ji shi ne wanda aka kwaso daga namanki. Janye ta daga bango kamar faɗin tafin hannu, nesa da rana da murhu. Mai raga a baya kuma ta riƙa kaɗe ƙurar hunturu.

"In an kawo wuta sai in ji ƙas, shiru, ƙas. Kuma da wuƙa nake kankare ƙanƙara, ba laifi?" Mai shayi, Ƙofar Ƙaura.

Ƙarar ta makarin da ke kare kwamfaresa ce: ta yi yunƙurin tashi ta kasa, ko don wuta ta yi rauni, ko don an ɗauke an maido nan take matsi bai lafa ba. Kashe, jira minti biyar, ka sayi sitabilaiza mai jinkiri. In wutar lafiya take amma bai daina ba, a duba ɗan rilen da ke tada ta kafin wani ya sayar maka da kwamfaresa. Wuƙa kuwa, haba Malam! Bututun yana nan ƙarƙashin ƙanƙarar, kuma na alminiyam ne. Zare filogi, sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, ka bar murfin a buɗe.