Yadda za ki rubuta rahoton taro ba tare da rikicewa ba

Tambaya: «Ina sitaji a wani ofishi a Damagaram, an ce ni zan riƙa rubuta rahoton taron Litinin. Suna magana da sauri, Hausa da Faransanci a cakuɗe, ban iya kama komai. Yaya zan yi?»

Ƙanwata, daina ƙoƙarin kama kowace kalma. Rahoton taro ba rikodi ba ne. Kafin a zauna, karɓi jerin batutuwan taron, ki ba kowane batu shafinsa, ki zagaya da takarda mahalarta su rubuta sunayensu da muƙamansu. A ƙarƙashin kowane batu abu 3 kawai kike nema: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe.

Misali, an yi minti 20 ana jayayya kan man janareta. Abin da zai shiga rahoto shi ne: «An amince a sayi lita 200 na gazuwal. Akanta zai kawo farashin gidajen mai 3 kafin Alhamis.» Wanda ya ɗaga murya da wanda ya yi fushi, bar su a ɗakin. Idan kika ji «za a duba», tambayi shugaban taro nan take: «Ranka ya daɗe, wa zai duba?» Aikin da ba sunan kowa a kansa kwance yake kwana. Ki lura da kuɗi sosai: «dubu» a bakin Bahaushen Nijar sefa 5000 ce, don haka nemi adadin da Faransanci, ki rubuta shi da lamba.

Gyara rahoton a ranar, tun ƙwaƙwalwa na ɗanye. Nuna wa mai kula da ke kafin ki tura wa kowa, musamman in an taɓo albashi ko ladabtar da ma'aikaci. Sannan tura shi a PDF ta imel cikin awa 24, ki ce duk mai gyara ya aiko kafin Laraba.