Zuma ga tarin jariri: amsar Gwaggo

Gwaggo, ina wuni. Yaron nan kwana uku ke nan yana tari, ga majina, da dare ba ya barci. Watansa biyar. Hajiya uwar maigidana ta ce in dama zuma da ruwan ɗumi in ɗura masa, haka aka yi wa ubansa. A wurin awo kuwa an hana mu. To ai ranar da aka haife shi ma an lasa masa, kuma ina ce al'adarmu ce, kuma sunna ce? Wanne zan bi?

Ɗiyata, lafiya lau. Allah ya ba shi lafiya, ya raya mana shi.

Kada ki ba shi. Ko lasa ɗaya, ko a ruwa, ko a kunu, sai ya cika wata 12 cur. Wadda aka lasa masa ranar haihuwa kuwa ki kwantar da hankalinki, cutar da ake tsoron zuma ta jawo wa jariri tana bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa wajen kwana 30 bayan an sha, shi kuwa ya yi wata biyar yana tsotso yana wutsil-wutsil. Wannan ta wuce, Allah ya tsare.

Ki fara sanin cewa Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta ce zuma maganin tari ce. Tana da kauri da danƙo, tana shafe maƙogwaron da ƙurar hunturu ta kankare, zaƙinta yana sa yawu ya tsattsafo, ƙaiƙayin da ke tayar da tari ya lafa. Likitoci ma sun gwada. A 2007 a Amurka aka ba yara masu mura zuma kafin barci, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba komai ba, aka ga masu zumar tarinsu ya fi sauƙi, barcinsu da na iyayensu ya fi daɗi. Ba ta kashe murar, mura takan yi sati ko kwana goma ta tafi da kanta, amma tana sa yaro ya samu ya runtsa. Ga yaron da ya shige shekara ɗaya ni na fi yarda da ita a kan siron tari da ake tallarsa a kan faranti cikin kasuwa, wanda ba ki san abin da ke ciki ba, kuma bai dace da ƙananan yara ba.

Ga yadda ake yi, don 'yar kishiyarki mai shekara uku da na ji ita ma tana tari. Rabin ƙaramin cokalin shayi ya ishe ta, kamar rabin awa kafin ta kwanta. Yaron da ya kai shekara shida a ba shi cokali ɗaya, babba ya sha biyu. Ko ta lashe haka nan, ko a narkar a rabin kofin ruwan da aka tafasa aka bari ya huce har kina iya tsoma ɗan yatsa ba ki cire ba, a matsa lemun tsami kaɗan. Ta sha da kurɓi-kurɓi, kada ta kwankwaɗe, don amfanin yana cikin wucewarsa ta maƙogwaro a hankali. Daga nan a kurkure mata baki saboda haƙori. Citta da kanumfari da masoro na manya ne, su maigida da Hajiya, yaro ƙarami yajin yakan ƙara masa tarin. Mai ciwon suga kuma ya san zuma suga ce, ya lissafa ta. Shi ruwan ɗumin kansa, ko romo, ko ruwan kunu, yana sassauta majina ko ba zuma.

Yanzu ga inda jariri ya bambanta. A cikin ƙasa da ƙura akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Clostridium botulinum. In ba ta samu wurin rayuwa ba sai ta ƙulle kanta cikin ɓawo mai tauri ta kwanta. Ƙudan zuma yana kwaso ta a ƙafa da jiki wajen kiwo, ya kai cikin amya, ta zauna cikin zumar ba ta motsi, ba ta sāke mata launi ko ƙamshi ko ɗanɗano. Kin san yadda irin ƙarangiya ke kwance cikin rairayi duk rani kamar ya mutu, sai ruwan farko ya sauka ya tsiro a inda ya samu fili? Hanjin babba gona ce da shuka ta riga ta rufe, cike yake da ƙwayoyi masu amfani da suka kama ko'ina, irin ba ya samun wurin tsira, sai ya fita da bayan gida. Hanjin jariri kuwa fili ne da bai cika ba tukuna. Can take farkawa, ta hayayyafa, ta riƙa zubar da dafi, dafin ya bi jini ya je ya toshe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Tsokar da ba ta samu saƙo ba sai ta saki. A 1976 likitoci suka fara gane wannan cuta ta jarirai suka ba ta suna, ke nan lokacin da kakanninki suka yi goyo ba wanda ya san da ita, har likitocin.

Abu biyu nake so ki riƙe, don nan mata suke ruɗewa. Za a ce miki ai wannan zuma ce ta gaskiya, farar saƙa, daga dajin Madarunfa aka kawo ba a gauraya ta da sukari ba. Kyanta ba ya hana komai, ƙudan ne ya kawo ƙwayar, ba mai sayarwa ba, kuma ta kwalba da ke kanti ma haka take. Za a kuma ce to a tafasa. Ruwa a tukunyarmu iyakarsa digiri 100, ɓawon nan kuwa sai an kai wajen digiri 121 cikin tukunyar matsi irin ta masana'anta kafin ya mutu. Tafasar gida ba ta taɓa shi.

Bari in bi miki yadda abin ke tafiya, don ki gane shi ko a ɗan maƙwabta. A ce jariri ɗan wata uku an lasa masa zuma saboda tari. Sati ya shige lafiya. Sai uwa ta lura kwana uku ko fiye bai yi kashi ba, ta ce ai masu shan nono sukan yi haka, kuma gaskiya ne sukan yi. Amma wannan sai ya kama nono ya ja sau biyu ya saki, nononta ya cika ya yi tauri don ba a zuƙe shi. Yawu yana dalala don ba ya iya haɗiya. Kukansa da ke cika ɗaki ya koma siriri. Fatar idonsa ta sauko kamar mai jin barci, fuska ta daina motsi, ba murmushi ba yamutsewa. In an ɗaga shi kai ya langaɓe baya, alhali da ya fara riƙe wuya. Sakin daga sama yake farawa ya gangaro, hannuwa, sannan ƙirji, kuma ranar da ya kai tsokar numfashi ita ce ranar hatsari. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jiki ba zafi. Ba zazzaɓi, sai a ce iska ce ko baki, a tafi neman rubutu da turare, kwanaki suna tafiya. Irin wannan yaro ba na jira ba ne, babban asibiti za a kai shi a ranar, kuma da an shiga a faɗa wa likita an ba shi zuma da ranar da aka ba shi. Faɗin yana da amfani sosai, don akwai allurar kashe ƙwayoyi irin gentamisin da ake yawan yi wa jarirai, ita kuwa tana iya ƙara sakin jikin. Jinyar ta makonni ce, ana ciyar da shi da nonon uwa ta robar hanci, ana taimaka masa da numfashi har jijiyoyin su farfaɗo. Mafi yawan waɗanda suka samu wannan kulawa suna warkewa sarai, amma kin san wuyar samun injin numfashi na jariri a wajenmu.

Hajiya za ta ce ubansa ya sha ga shi nan da ransa. Gaskiya ne. Ba kowace zuma ke ɗauke da ƙwayar ba, cutar kuma ba ta da yawa, har ma wasu jariran daga ƙura suke samunta ba zuma. Sai dai ƙura ba mu iya hana ta shiga Maraɗi, cokali kuwa yana hannunmu. Kuma ba ido ko harshen da ke iya rarrabe zumar da ke da ita da wadda ba ta da ita.

Maganar sunna. Allah ya ce akwai waraka ga mutane a cikinta, a Suratun Nahli aya ta 69, ni ma da wannan nake sha. Amma abin da aka ruwaito Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shafa wa jarirai a ganɗa dabino ne da ya tauna, kamar yadda ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu. Zuma ta shigo ne ta wajen malaman da suka ce in ba a samu dabino ba a sa wani abu mai zaƙi. Dabino bai yi mana wuya ba. In an sake haihuwa a gidan, a goga ɗan kaɗan da hannu wankakke sau ɗaya, a miƙa jariri ga uwarsa ya sha dakashi. Rubutun da ake haɗawa da zuma kuma uwar ta sha, don mai shayarwa tana iya shan zuma yadda take so, ƙwayar ba ta bi ta nono.

Shi kuma yaron, daren nan: nono, akai-akai, ko da kaɗan-kaɗan yake sha. Bai kai wata 6 ba, saboda haka ba ruwan ɗumi, ba shayi, ba dauri. Nono shi ne abin ɗuminsa. Ki sayi ruwan gishirin wanke hanci a farmasi, ɗigo biyu kowace kafa kafin ki ba shi mama, majinar ta yi laushi ki share, don yawanci toshewar hanci ce ke hana su tsotso da barci. Ki fitar da turaren wuta da gawayi daga ɗakin, kada kuma a shafa masa man zafi a hanci. In ya natsu ki buɗe ƙirjinsa ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya da agogon waya. In ya kai 50 ko ya wuce, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko jiki ya yi zafi, ko tarin yana zuwa a jere har ya shiɗe ko leɓe ya sāke launi, ki kai shi likita ko tsakar dare ne. In tarin ya kai sati biyu ma ki kai.

Da Hajiya kuwa kada ki yi musu, ba girmanki ba ne, kuma son jikanta ne ya sa ta faɗa. Ki karɓi zumar da hannu biyu ki yi godiya, ki dama ki sha a gabanta, ki ce a wurin awo an ce uwa ce za ta sha sai yaro ya shekara. Ki faɗa wa maigidanki dalilin tun yau, don shi ya fi ki bakin yi mata magana, ki kuma ja kunnen 'yar rainonsa kada a lasa masa a bayan idonki. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo in gaishe ta, sauran bayanin ki bar mini.